Kafin ki cire wa yaro famfas: yadda ake gane ya isa hawa fo da yadda ake koya masa

Duk lokacin da komawa makaranta ya matso, akwai tambayar da iyaye mata ke yawan kawo mini a kantin maganin da nake aiki a nan Agege: "Anti, makaranta sun ce ba za su karɓe shi da famfas ba, yaya zan yi ya daina kafin sati biyu?" Wata kuma tsadar famfas ce ta ishe ta, ga kuɗin haya ga cefane. Wata surukarta ce ta zo daga gida ta tarar da ɗan shekara biyu da ƙunzugu, ta riƙe baki tana salati. Kowace da hujjarta, kuma ban raina ko ɗaya ba. Sai dai jikin yaro bai san ranar buɗe makaranta ba. Don haka yau, uwargida, ina so mu duba abin da za ki lura da shi a jikin ɗanki kafin ki fara, da yadda za ki bi da shi idan kin fara, musamman abu guda da na ga ya fi komai ɓata wannan aiki, wato taurin kashi.

Bari mu fara da maganar da iyayenmu ke yi, cewa su tun yaro yana wata huɗu ko biyar suke ɗora shi a ƙafa ko a fo, a yi masa 'yar ƙara da baki, ya yi abinsa. Gaskiya suka faɗa. Ko a rubuce an tabbatar da irin wannan: a 1977 an wallafa wani bincike a kan al'ummar Digo da ke gabashin Afirka, inda aka ga iyaye mata na sabar wa jarirai yin fitsari da kashi idan an ɗora su, har su saba da hakan suna wata biyar zuwa shida. Idan kina yin haka cikin lallashi, ki ci gaba, yana rage wanki, yana kuma sa yaro ya saba da fo tun da wuri. Amma ki lura, a wannan matakin ke ce kika koyi lokacinsa. Ranar da hankalinki ya tafi kan girki, a jikinsa zai yi. Abin da makaranta ke nema wani abu ne daban: yaro ya ji fitsari ya taru, ya iya riƙe shi na ɗan lokaci, ya faɗa ko ya nufi fo da ƙafarsa, ya sauke wando, sannan ya saki. Wannan sai jijiyoyin da ke tsakanin mafitsara da ƙwaƙwalwa sun nuna, kuma galibin yara suna kaiwa nan tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa shekara uku. Wani likitan yara a Amurka mai suna Brazelton ya bi yara sama da dubu a binciken da ya fitar a 1962, waɗanda aka jira suka nuna alamar shiri kafin a fara, ya samu a tsaka-tsaki suna kammala koyon na rana da kimanin wata 28. Kin ga ɗan shekara biyu da bai iya ba tukuna bai makara ba.

Alamar da na fi ba wa muhimmanci ita ce ya iya kai awa biyu bai jiƙe ba, ko ya tashi daga barcin rana a bushe. Dalilin yana cikin girman mafitsara. Yadda ake ƙiyasta abin da take ɗauka shi ne a ƙara ɗaya a kan shekarun yaro, a ninka da mililita 30. Ɗan shekara biyu ke nan mililita 90, ɗan shekara uku 120. Ledar fiya-wata ɗaya mililita 500 ce, wato mafitsarar ɗan shekara biyu ba ta ɗaukar ko kashi ɗaya cikin biyar na ledar. Yaron da har yanzu yake ɗiga kaɗan-kaɗan duk bayan rabin awa, ko kin zaunar da shi sau ashirin a yini ba zai tsira daga jiƙa wando ba, don babu abin da yake tarawa balle ya riƙe.

Matsalar ita ce famfas na zamani yana shanye ruwa, ki taɓa ki ji kamar a bushe. Ga dabara mai sauƙi: ki yanki ƙyallen tsohon zane mai laushi ki shimfiɗa a cikin famfas ɗin, ki riƙa dubawa duk awa ɗaya, kwana biyu ko uku a jere, kina rubuta lokacin da kika tarar da shi a jiƙe da lokacin da ya yi kashi. Wannan 'yar takardar za ta nuna miki abu biyu: ko yana kai awa biyun, da kuma sa'ar da ya saba yin kashi, wadda za ta yi miki amfani nan gaba.

Ta biyu, ya san abin da ke faruwa a jikinsa. Za ki ga yana cikin wasa ya tsaya cak, ya kama gaban wandonsa, ko ya laɓe a bayan ƙofa ya tsuguna yana nishi, ko ya zo yana jan famfas ɗin yana son a cire masa. Sanin nan hawa-hawa yake zuwa. Da farko sai ya gama zai faɗa, daga baya ya faɗa yana cikin yi, a ƙarshe ya faɗa kafin ya yi. Ba sai kin jira hawa na ƙarshe ba, da ya fara faɗa yana cikin yi ana iya somawa. Sauran alamomin ba su da wuyar ganewa: yana tafiya sosai, yana zama ya tashi da kansa, yana fahimtar aike irin "ɗauko takalminka ka kawo", yana iya sauke wando mai roba ko da da ɗan taimako, kuma yana bin yayyensa zuwa banɗaki yana son ganin abin da suke yi. Surutu ba ya cikin sharuɗɗan. Akwai yaro mai baki kamar aku da mafitsararsa ba ta shirya ba, akwai kuma wanda bai iya haɗa kalma biyu ba amma yana nuna fo da hannu, kuma hakan ya wadatar.

Ko alamomin sun cika, ki dubi halin da gidan yake ciki. Kada ki haɗa cire famfas da yaye, balle idan za a kai shi gidan kaka. Kada ki fara a makon da aka yi masa ƙani, ko ana shirin tashi daga gida, ko yana fama da zazzaɓi ko gudawa. Idan kuma akwai tafiyar Sallah a gabanku, wadda za a kwana a mota daga Legas zuwa Kano ko Sakkwato, ki bari sai kun dawo.

Yanzu ga abin da nake roƙon ki duba kafin ki sayi fo ma: yaya kashin yaron yake? Wanda ake so shi ne mai laushi, mai fita ba tare da kuka ba, kullum ko bayan kwana ɗaya. Idan yana fitowa ƙwaya-ƙwaya kamar na akuya, ko ƙato mai tauri da sai ya yi gumi, ko bai wuce sau biyu a mako ba, to a gyara wannan tukuna. Yaro ba ya manta zafi. Sau ɗaya kashi mai tauri ya tsaga masa dubura, sai ya fara riƙewa don tsoro. Shi kuma kashi, muddin yana zaune a hanji, hanji na ci gaba da tsotse ruwan da ke cikinsa, sai ya ƙara tauri da girma, fitarsa ta gaba ta fi ta baya zafi, yaro ya ƙara riƙewa. Idan aka daɗe a haka ƙarshen hanjin yakan buɗe ya saki, har yaro ya daina jin alamar kashi ya zo. Ga shi kuma mafitsara maƙwabciyar wurin ce, tarin kashin yana danne ta, sai fitsarin da aka fara samun kansa ya dawo yana zuba a wando.

Wata baiwar Allah ta zo mini kwanakin baya da ɗanta ɗan shekara biyu da wata takwas. Filajil ta zo saya da maganin tsayar da gudawa. Ta ce kusan mako biyu ke nan kullum sai ta wanke wando huɗu ko biyar, duk da ɗan kashi mai ruwa-ruwa mai wari sosai, shi kuma yana wasansa kamar bai san ya yi ba. Na ce, "Maman yaro, yaushe rabon da ya yi kashi na sosai, mai yawa?" Ta yi shiru tana lissafi, sannan ta ce kwana biyar ke nan, kuma ranar ya yi ƙato har da ɗan jini a jikinsa, ya yi ta ihu. Da na ƙara bincike sai labarin ya fito. Ta cire masa famfas wata guda da ya wuce saboda makaranta. Fitsari bai ba ta wahala ba, cikin mako ɗaya ya iya. Kashi ne ya ƙi yi a fo, sai yarinyar da ke taya ta aiki ta riƙa zaunar da shi kusan rabin awa tana yi masa tsawa. Tun daga nan, in ji ta, "sai ki ga ya miƙe a kan yatsun ƙafa, ya harɗe ƙafafu, ya sandare, idonsa ya yi ja, yana ta ƙoƙari amma ya kasa." Na ce mata wannan tsayuwar da take gani ba ta mai ƙoƙarin fitarwa ba ce, ta mai matsewa ce don kada ya fito. Mai son fitarwa tsugunawa yake yi. Abincinsa kuwa shayi da burodi da safe, taliyar leda da rana, madara fida uku a yini, ga maganin ƙarin jini da ta saya da kanta tana ba shi, wanda sinadarin ƙarfen da ke ciki yakan ƙara taurin ciki ga wasu yara.

Wannan yaro ba gudawa yake yi ba. Busasshen kashi ne ya toshe hanya, sabon da ke sama mai ruwa yake zagayowa ta gefensa yana ɗiga, kuma da gaske bai san yana fita ba. Da ta ba shi maganin tsayar da gudawa, da an ƙara ƙulle abin da yake a ƙulle, ban da cewa ba magani ba ne da ake ba ƙaramin yaro haka kawai. Filajil kuwa babu aikin da zai yi a nan. Ban sayar mata da ko ɗaya ba, na tura ta wurin likitan yara. Likita ya taɓa cikin ya ji tarin, ya rubuta laktulos, wani magani mai zaƙi da ke jawo ruwa cikin hanji ya tausasa kashi. Inda ake samun makrogol, wanda gari ne da ake damawa a ruwa, shi likitoci suka fi farawa da shi, amma laktulos ya fi samuwa a kantunanmu. Ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ma'auninsa yana tsakanin mililita 2.5 zuwa 10 sau biyu a rana, kuma likita ne zai tsayar da inda za a fara. Shi an fara masa da 5, aka ɗaga zuwa 7.5 da aka ga bai isa ba. Na gaya mata abu biyu da ya kamata duk mai ba da wannan magani ta sani: yakan ɗauki kwana biyu kafin ya fara aiki, kuma a kwanakin farko ɓata wandon zai ƙaru kafin ya ragu, don tarin ne yake fita.

A gida kuma ta dakatar da maganin ƙarin jinin da izinin likita, ta rage madara zuwa abin da bai wuce rabin lita a yini ba, ta ƙara masa ruwa da gwanda da lemu da alala da miyar kuɓewa, da lalo wanda maƙwabtanmu Yarabawa ke kira ewedu. Sai abin da ya fi yi mata nauyi: na ce ta dawo masa da famfas don kashi kaɗai. Ya yini da wando, idan ya ji kashi ya nemi famfas a ɗaura masa ba tare da faɗa ba. Da tsoron ya ragu, sai aka ce to a yi shi a kusa da fo. Bayan kwanaki ya yarda ya zauna a kan fo da famfas ɗin a jikinsa, sannan aka riƙa kwance gefe ɗaya, har ranar da aka shimfiɗa shi kawai a cikin fo ɗin. Mako shida aka ɗauka kafin ya yi na farko babu famfas. Makaranta kuwa ta ɗaga masa zuwa zangon Janairu.

Maganin bai tsaya a nan ba, an ci gaba da shi wasu watanni ana ragewa a hankali. A nan ne iyaye da yawa ke komawa gidan jiya: da kashi ya yi laushi kwana uku sai a ajiye kwalba, wai kada ciki ya saba da magani. Laktulos ba ya sa hanji ya mutu. Hanjin da ya buɗe yana bukatar watanni yana zama babu tari kafin ya koma yadda yake, yaron kuma yana bukatar ya yi kashi sau da yawa babu zafi kafin ya yarda. Ina kuma roƙon a bar tura wa yaro sabulu a dubura ko ɗura masa ruwan sabulu ko jiƙo, yana ƙona fatar ciki, yana kuma ƙara masa tsoron wurin. Man farafin na sha ma ba a ba wanda bai kai shekara uku ba, don yana iya sarƙe shi ya shiga huhu.

To, a ce alamomi sun bayyana, kashi kuma lafiya lau. Ki sayi fo mai faɗin gindi da ba ya tangaɗi, wanda idan ya zauna tafin ƙafarsa zai taka ƙasa sosai, gwiwoyinsa su ɗan ɗara ƙugunsa tsawo. Zaman da ya yi kama da tsuguno shi ne yake miƙar da hanyar kashi. Shi ya sa masu banɗakin zama na zamani, idan za ku ɗora yaro a kai, sai da ƙaramin mazauni na yara da 'yar kujerar da zai taka. Ƙafa tana lilo ba ya iya yunƙuri, ga tsoron faɗawa ciki. Mu da yawanmu a gidan haya muke, banɗaki ɗaya na mutum goma, da safe sai an yi layi. Yaron da ya ce yana jin fitsari ba shi da minti biyar na jira, don haka fo ya zauna a wuri guda da ya sani, kusa da inda yake wasa. Masai mai rami kuwa ba wurin ɗan shekara biyu ko uku ba ne shi kaɗai, ko da ya iya.

Makon farko na sabo ne kawai. Ya zauna a kai da kayansa idan yana so, ya tashi idan ya ga dama. Idan ya yi kashi a famfas, ki juye a cikin fo a gabansa ki ce "nan ne wurinsa", sannan ku je ku zubar tare. Ku tsayar da kalmomin da za a riƙa amfani da su, fitsari da kashi ko duk abin da kuka saba, kowa a gidan ya riƙe su. Wannan yana da muhimmanci a garuruwa irin namu, inda mai raino ko malamar aji ba lallai ta ji Hausa ba. Yaro zai iya faɗa sau uku ba a gane shi ba har ya saki, a ce bai iya ba. Ki gaya musu kalmarsa tun ranar farko.

Mako na biyu sai a fara zama babu famfas a lokuta sanannu: da ya tashi da safe, bayan cin abinci da kamar minti ashirin zuwa talatin, bayan barcin rana, da kafin kwanciya. Na bayan abinci ya fi kowanne samun nasara, saboda da ciki ya cika hanji yakan motsa da kansa ya turo abin da ke ƙasa, musamman bayan karin kumallo. Ki duba takardar nan da kika rubuta, ki sa zama ɗaya ya dace da sa'ar da ya saba. Minti uku zuwa biyar ya isa. Ya yi ko bai yi ba, a tashi lafiya. Ki zauna kusa da shi kina yi masa hira ko tatsuniya, ki sa shi ya riƙa hura iska kamar mai fifita koko da baki, hakan yana taimaka masa ya tura ta ƙasa ba tare da ya matse ba. Waya dai ban so a miƙa masa. Hankalinsa zai tafi can, ya zauna rabin awa bai ji abin da jikinsa ke yi ba. Namiji ma a zaune zai fara, don sau da yawa kashi tare da fitsari yake zuwa, wanda aka koya wa tsayuwa tun farko yakan rasa wannan damar.

Idan kin ga ana dacewa sau da yawa, sai ki zaɓi kwana uku ko huɗu da ba ki da fita, ki cire famfas na rana gaba ɗaya. Ki tanadi wanduna masu roba kamar takwas zuwa goma, ki ajiye masu maɓalli da bel da dogayen riguna. Ki naɗe kafet da darduma, ki shimfiɗa leda a katifa da kujera, don rabin faɗan da ake yi wa yaro a kwanakin nan haushin najasa a inda ake salla ne, kuma naɗe shimfiɗa ya fi sauƙi. Duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ko da kin ga yana rawar ƙafa, ki ce "zo mu je fo". Idan kika tambaye shi "kana jin fitsari?", a'a zai ce, don a wannan shekarun a'a ce amsar kusan komai. Kada kuma ki riƙa ɗauko shi duk minti goma, mafitsara ba za ta cika ba balle ya koyi yadda cikarta take. Haka nan kada ki rage masa ruwa don ki rage wanki. Kofi shida zuwa takwas ƙanana a yini ake so. Ƙarancin ruwa yana kawo taurin kashin da muke gudu, fitsari kuma ya yi kauri ya riƙa damun mafitsara.

Zai jiƙa wando, a kwanakin farko ma sau da yawa. Ki ce "ka jiƙe, zo mu canza, gaba a fo za mu yi", shi ke nan. Idan ya dace ki tafa masa, ki faɗi abin da ya yi daidai, maigida ma ya dawo a ba shi labari a gabansa ya yaba. Ko zama kawai ya yi da kansa a yaba masa. Alewa ba dole ba ce, kuma idan aka fara ta yakan koma ɗiga ɗigo biyu don a biya shi. Duka da tsawa da sa yara su yi masa waƙar amalala kuwa, duk abin da suke koya masa shi ne ya ɓoye ko ya riƙe, kun kuma ji inda riƙewa ke kaiwa. Wannan magana sai an zaunar da mai aiki da yayye da kaka an yi musu ita, don mutum ɗaya mai tsawa ya isa ya rushe aikin sauran. Idan an yi mako biyu babu ko alamar ci gaba, ko yana kuka da ya hangi fo, ki mayar da famfas ba tare da nuna ɓacin rai ba, ki sake gwadawa bayan wata ɗaya ko biyu. Wanda ya shirya ma yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin a saki jiki da shi da rana.

Tsarki aikinki ne har zuwa wajen shekara huɗu ko biyar, ko da yana son riƙe buta da kansa. 'Ya mace a wanke mata daga gaba zuwa baya, saboda hanyar fitsarinta gajeriya ce, ƙwayoyin cutar da ke kashi ba sa wahalar shiga. Abin da ke cikin fo a juye shi a banɗaki nan take. Ina ganin masu watsawa a kwata ko bayan gida da sunan kashin yaro ba komai ba ne, alhali yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa da ƙwan tsutsar ciki kamar na babba. A wanke fo da sabulu, ke da shi ku wanke hannu da sabulu kowane lokaci. Bokitin ruwan da ke banɗaki kuma a rufe shi ko a juye, domin yaron da ya fara shiga wurin da kansa zai iya leƙawa ya kifa ciki da ka, ruwa kaɗan kuma ya isa ya halaka shi.

Dare kuwa a bar shi daban. Bushewar dare ba koyonta ake yi ba, tana zuwa ne idan jiki ya fara rage haɗa fitsari cikin barci, ƙwaƙwalwa kuma ta iya tashinsa idan mafitsara ta cika. Ki bar masa famfas na dare har sai kin yi kamar mako guda kina tarar da shi a bushe da safe. Kafin shekara biyar ba a lissafa fitsarin kwance a matsayin ciwo, ba a kuma ba da magani a kansa, don haka kada a karɓi wani abu a kemis da sunan maganinsa. Iyayen masu sikila, ku ƙara haƙuri na musamman: ƙodar mai sikila ba ta iya tace fitsari ya yi kauri yadda ta sauran yara ke yi, shi ya sa fitsarinsa ke da yawa dare da rana, kuma yakan daɗe bai daina na kwance ba. Hana shi ruwa da yamma don katifa ta tsira yana iya tayar masa da ciwo. A sa leda, a bar shi ya sha.

Akwai lokutan da ba na kantin magani ba ne, asibiti za a nufa. Yaron da ya iya sarai sannan ya dawo yana jiƙewa, tare da kuka wajen fitsari ko zazzaɓi ko fitsari mai wari, a gwada fitsarinsa. Wanda ke shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana fitsari mai yawa yana ramewa, a auna sukarinsa a ranar, kada a kwana. Haka wanda fitsari ke ɗiga masa koyaushe ba ya taɓa bushewa, ko wanda taurin kashinsa tun daga makonnin haihuwa ya faro, ko ya zo da kumburin ciki da koren amai, ko rauni a ƙafafu. Wanda ya kai shekara huɗu bai samu kan na rana ba shi ma a kai shi a duba.

Idan kuma ranar makaranta ta zo yana tsakiyar koyo, ki je ki sami malamar ajin da kanki. Ki gaya mata kalmar da yake faɗa da lokutan da ya saba, ki roƙi a kai shi bayan cin abincin tara, ki tambaya ko banɗakin nasu na zama ne ko na tsuguno don ki gwada masa irinsa a gida. A jakarsa ki sa wando uku da riga ɗaya da ledar zuba jiƙaƙƙu. Da ya dawo kuma ki tambaya ko ya yi kashi a can, domin yara da yawa suna riƙe shi tun safe har a tashi saboda baƙon wuri. Idan haka ne, ki tashe shi da wuri ya karya, ya samu zamansa na minti biyar a gida kafin ku fita. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.